Yadda ake zaɓar kwanon wanke hannu a banɗaki mai ƙunci

A banɗaki mai faɗi ana iya zaɓar kwanon wanke hannu saboda kyansa, amma idan ɗakin siriri ne, abin da ke yanke hukunci shi ne yawan santimitar da kwanon zai ci daga bango zuwa tsakiyar ɗaki, sannan ƙarfin bangon da za a ɗaura shi, sannan wurin da bututun ruwan datti yake fitowa. Iri uku aka fi samu: wanda ake maƙalawa a bango ba tare da komai a ƙarƙashinsa ba, da mai ƙafa wanda ke zaune kan ginshiƙin tangaran, da wanda ake ɗorawa a kan kanta, wato shafaffen allo mai kama da teburi. Idan aka bi matakan da ke ƙasa bi da bi, sau da yawa ɗakin da kansa ne zai fitar da biyu daga cikin ukun kafin ma a kai ga maganar kwalliya.

Mataki na farko: a auna ɗakin, a rage wurin tsayawa

Za a fara da auna faɗin ɗakin daga bango zuwa bango a daidai wurin da ake son sa kwanon, kuma a auna a tsayin ƙugu, domin bango ba ya rasa ɗan karkata, kuma awon da aka ɗauka a ƙasa yana iya bambanta da na sama. Idan ba a riga an yi shafe da tayil ba, sai a rage santimita 2 zuwa 3 daga kowane bango, domin abin da siminti da tayil za su ci ke nan. Mutane da yawa suna sayen kwano bisa awon tsirarar bulo, sai bayan an gama aiki su tarar ɗakin ya ragu da kusan tafin hannu.

Daga wannan faɗin ne za a cire wurin da mutum zai tsaya. Mai wanke fuska yana sunkuyawa, kuma idan ya sunkuya bayansa yana komawa baya, saboda haka filin da ake bukata a gaban kwano ya fi kaurin jikin mutum nesa ba kusa ba. Santimita 70 ne awon da ke ba da sakewa. Ana iya sauka zuwa 60 idan babu yadda za a yi, amma abin da ya gaza 55 ya zama matsi, kuma dokokin gini na ƙasashe da dama ba su yarda da ƙasa da kimanin wannan ba. Abin da ya rage bayan an cire wurin tsayawa shi ne iyakar fitowar da kwanon zai iya yi, kuma wannan lambar ce za a rubuta a riƙe a duk sauran matakan.

Bari mu ɗauki ɗaki guda mu bi shi har ƙarshe. Faɗinsa bayan tayil santimita 110 ne, tsawonsa 250. Ƙofa tana gajeren bango, masai da wurin wanka suna can ƙurya, kuma kwanon zai zauna a dogon bangon hagu, inda akwai fili na santimita 100 tsakanin bangon ƙofa da farkon wurin masai. Idan aka cire 70 daga 110, saura 40. Kwanon da aka saba gani, mai faɗin 55 zuwa 60, yana fitowa santimita 45 ko fiye daga bango, saboda haka tun a nan ya fita daga lissafi. Abin da za a nema shi ne mai gajeren gaba, wanda fitowarsa ke tsakanin 30 da 40.

Akwai kuma awon gefe. Daga tsakiyar kwano zuwa bango ko wani abu mai tsayi da ke gefensa, kada ya gaza santimita 40, kuma 50 ya fi, domin gwiwar hannu tana buɗewa idan ana wanke fuska. A ɗakinmu, idan aka sa tsakiyar kwanon a santimita 55 daga bangon ƙofa, za a bar 45 zuwa wurin masai, kuma duka ɓangarorin biyu sun wadatar.

Mataki na biyu: a bi hanyar ƙofa

A nan ne lissafin takarda ya fi yaudarar mutum, domin ƙofar da ke buɗewa ciki tana share wani yanki na ƙasa mai siffar baka, kuma duk abin da ya shiga wannan yanki za ta doke shi. A ɗakin da muka ɗauka, ganyen ƙofar santimita 70 ne, an ɗaure shi santimita 5 daga bangon dama. Kwano mai faɗin 50 wanda tsakiyarsa ke 55 daga bangon ƙofa, gefensa na kusa zai fara ne a santimita 30. A daidai wannan nisa, bakin ƙofar yana kaiwa kimanin santimita 68 daga bangon dama, wato ya bar 42 kacal daga bangon hagu. Kwano mai fitowar 45 zai sha duka kullum har ya tsage ko ƙofar ta guntule, mai fitowar 40 zai tsira da ƙyar, mai 35 kuwa zai bar tazarar santimita 7.

Ba dole ba ne a yi wannan lissafi da alƙalami. Hanya mafi sauƙi ita ce a yanka kwali daidai faɗi da fitowar kwanon da ake tunani, wani ya riƙe shi a bango a tsayin santimita 85, sannan a buɗe ƙofa a rufe, a wuce ta gabansa zuwa ƙurya, a tsaya a sunkuya kamar mai wanke fuska. Idan ba a sa ƙofar ba tukuna, sai a ɗaura alli a igiya mai tsawon ganyen ƙofa a zana bakan a ƙasa. A tuna cewa ƙofar da aka buɗe ta jingina da bango tana cin kimanin santimita 8 tare da mariƙinta, kuma wannan yana rage hanyar wucewa. Idan ana iya juya ƙofar ta riƙa buɗewa waje, matsalar ta kau gaba ɗaya, kuma a ganina wannan gyara ya fi a ƙanƙantar da kwano har ya daina amfani.

Mataki na uku: a bincika bango

Kwanon maƙalawa shi ne ya fi dacewa da ɗaki mai ƙunci, domin ana samunsa da gajeren gaba iri-iri, yana barin ƙasa a buɗe ga ƙafa da tsintsiya, kuma mai aiki ne ke zaɓar tsayinsa. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma mai nauyi ne: duk nauyin yana kan ƙusoshi biyu da ke cikin bango.

Nauyin kwanon kansa ba shi ne abin damuwa ba, tunda ƙaramin kwanon tangaran ba ya cika wuce kilo 10 zuwa 15. Abin damuwa shi ne mutumin da zai dafa bakinsa ya jingina, ko yaron da zai rataya a jikinsa. Idan aka danna bakin kwano ƙasa, gindin bayansa yana tokare bango, ƙusoshin da ke sama kuma ana fizgo su waje, kamar yadda bayan hama ke zare ƙusa daga katako. A ce mutum ya ɗora nauyin kilo 60 a bakin kwano mai fitowar santimita 35, kuma tazarar da ke tsakanin ƙusoshi da gindin bayan kwanon santimita 10 ce. Ƙarfin da ke fizgar ƙusoshin zai zama 60 sau 35 a raba da 10, wato daidai da nauyin kilo 210, kowace ƙusa tana ɗaukar 105. Da kwanon mai fitowar 45 ne, da adadin ya kai 270. Ma'aunin Turai na kwanonin wanke hannu, EN 14688, yana bukatar kwanon maƙalawa ya jure nauyin kimanin kilo 150 a gwaji, saboda haka tangaran ɗin kirki ba shi ne ke fara gazawa ba. Bango ne ke sakin ƙusa.

Don gane irin bangon, a ƙwanƙwasa shi da bayan hannu, amma shaida mafi ƙarfi ita ce a huda ɗan ƙaramin rami na gwaji a wurin da kwanon zai rufe. Idan bakin injin huda ya ci gaba da samun turjiya har zurfin santimita 8 ko 10, bangon cikakke ne, kankare ko jan bulo ko bulo marar rami, kuma ƙusoshi masu zare na M10, wato masu kaurin milimita 10, da robarsu za su riƙe. Idan injin ya zurma cikin fanko bayan santimita kaɗan, bulo mai rami ne, kuma robar da aka saba sawa ba za ta samu abin kamawa ba. Maganin shi ne a fasa ramukan bulon da ke wurin a cika su da kankare kafin a sa tayil, ko a yi amfani da gam na musamman da ake ɗurawa cikin rami tare da raga, wanda ke daskarewa ya kama ƙusar. Idan kuma bangon allo ne da aka ɗaura kan firam, allon kaɗai ba zai riƙe kwano ba ko da wace irin roba aka sa, sai an buɗe shi an sa katako mai kauri tsakanin sandunan firam ɗin, ko firam ɗin ƙarfe da aka ƙera don wannan aiki.

Ana gane ɗaurin da ya fara saki tun kafin ya faɗi. Layin silikon da ke tsakanin kwano da bango zai tsage daga sama, bakin kwanon zai ɗan sunkuyo, kuma idan aka dafa shi za a ji ya motsa. Ƙara silikon ba ya gyara wannan, domin silikon toshe ruwa yake yi, ba ɗaukar nauyi ba.

Mataki na huɗu: a duba inda bututu yake fitowa

Idan bututun ruwan datti yana shiga bango, yawanci a tsayin santimita 50 zuwa 55 daga ƙasa, to hanya ta buɗe ga kwanon maƙalawa da na kanta. Bututun kwanon wanke hannu yakan kasance mai faɗin milimita 32, kuma dole ya riƙa gangara zuwa mafita, aƙalla kimanin santimita 2 a kowace mita, in ba haka ba sabulu da gashi za su kwanta a ciki. A ƙarƙashin kwanon akwai lanƙwasasshen bututun nan da ke riƙe ɗan ruwa don ya tare warin da ke tasowa daga magudana, kuma kowane irin kwano aka zaɓa sai an bar masa wurin da hannu zai kai a kwance shi a wanke. A kwanon maƙalawa yana fili, saboda haka ko dai a sa mai kyan gani na ƙarfe, ko a rufe shi da rabin ƙafa, wato murfin tangaran da ake ɗaurawa a bango wanda ba ya kaiwa ƙasa.

Idan kuwa bututun daga ƙasa yake fitowa, kuma ba a son fasa tayil, a nan ne mai ƙafa yake da amfani, domin ginshiƙin yana da fanko a baya wanda ke ɓoye bututun. Amma a auna nisan tsakiyar bututun daga bango a gwada da zanen awon da ke zuwa tare da kwanon, domin fankon ginshiƙin ƙarami ne, kuma bututun da ya kauce da santimita kaɗan zai hana ƙafar zama a wurinta.

Mataki na biyar: a auna kowane iri da lambar da aka riƙe

Game da mai ƙafa, akwai abubuwa biyu da ake yawan kuskuren fahimta. Na farko, ƙafar ba ta ɗauke wa bango aikinsa gaba ɗaya. Tana ɗaukar mafi yawan nauyin da ke danna ƙasa, wanda ya sa ya fi aminci a bango mai rauni, amma dole a ɗaure kwanon da bango, in ba haka ba zai iya tuntsurowa gaba. Na biyu, tsayinsa a ƙayyade yake, yawanci tsakanin santimita 80 da 85, kuma ba a iya ɗaga shi don dogon mutum. Matsalarsa a siririn ɗaki ita ce yawancin masu ƙafa suna fitowa fiye da santimita 40, ƙafar tana tsaye daidai inda yatsun mai tsayawa za su shiga, kuma bayanta lungu ne da datti ke taruwa. Ana samun ƙanana masu fitowar kusan 35, amma ba su da yawa. Sannan yana bukatar ƙasa mai daidai, domin idan an yi wa ƙasan banɗakin gangara zuwa magudana, ƙafar za ta yi rawa sai an cike ƙarƙashinta.

Na kanta shi ne ya fi ruɗi, domin kwanon da kansa ƙarami yake a ido, amma kantar ce ke cin wuri. Kwano mai zagaye mai faɗin santimita 36 yana bukatar tazarar kimanin 3 a baya don a iya goge wurin, da wani 3 a gaba, wato kanta mai fitowar 42. Idan aka sa kan famfo a bayansa, za a ƙara 8 zuwa 10, a kai 50. Ana iya rage wannan ta hanyar zaɓar kwano mai tsawo a gefe da gajeren gaba, a sa famfon a gefensa ko a cikin bango, amma sai kantar ta ƙara tsawo. A ɗakinmu, kanta mai fitowar 35 da tsawon 80 za ta fara ne a santimita 15 daga bangon ƙofa, inda bakin ƙofar ya bar ƙasa da 37, wato tazarar ba ta kai santimita 2 ba. Wannan ya yi kaɗan. Inda na kanta ke yin kyau a siririn ɗaki shi ne a gajeren bangon ƙurya, inda kantar za ta cike daga bango zuwa bango, bangayen gefe su tallafe ta, kuma mai tsayawa ya samu tsawon ɗakin a bayansa.

Wanda ya zaɓi wannan iri ya lura da tsayi. Bakin kwano ne ya kamata ya kai santimita 85, saboda haka idan tsayin kwanon 13 ne, saman kantar zai tsaya a 72. Idan aka ɗaura kantar a 85 kamar ta kicin, bakin kwanon zai kusan kai mita guda, ruwa ya riƙa gangarowa zuwa gwiwar hannu. Haka kuma da yawa daga cikinsu ba su da ramin da ke zubar da ruwa idan sun cika, saboda haka a sa musu magudanar da ba ta da marfin tare ruwa.

A ɗakin da muka bi, bangon hagu cikakken bulo ne, bututun yana shiga bango a tsayin 52, kuma iyakar da ƙofa da wurin tsayawa suka bari ita ce 40. Zaɓin ya tsaya kan kwanon maƙalawa mai faɗin 50 da fitowar 35, tare da rabin ƙafa. Zai bar santimita 75 a gabansa, da 67 na wucewa idan ƙofa tana buɗe. Da bututun daga ƙasa yake fitowa, ko bangon allo ne da ba a son buɗewa, da ƙaramin mai ƙafa za a nema wanda bai wuce 38 ba.

Mataki na shida: kada a ƙanƙantar fiye da kima

Ganin cewa gajeren gaba yana ƙara fili, wasu sukan sauka zuwa kwano mai fitowar santimita 22 ko 25. Irin wannan an yi shi ne don wanke hannu kawai a ƙaramin makewayi. A banɗakin da ake wanke fuska da goge baki kullum, ruwa zai riƙa zuba a ƙasa, domin fuskar mai sunkuyawa tana wuce bakin kwanon. Abin dubawa shi ne awon cikin kwanon, ba na wajensa ba: daga gaba zuwa baya ya kai kimanin santimita 22 zuwa 25, zurfinsa kuma ya kai 12. A kwanon da fitowarsa ta gaza 35, gara a nemi wanda ramin famfonsa ke gefe, domin famfon da ke baya yana cin kashi ɗaya cikin uku na wurin.

Kan famfon ma sai ya dace da kwanon. Ruwan ya kamata ya sauka a kan magudana ko kusa da ita. Famfo mai dogon baki a kan gajeren kwano yana zuba ruwa a gangaren gaba ya fantsamo wa mutum a riga, mai tsayi sosai kuma yana ƙara ƙarfin fantsamar. Haka nan akwatin madubi mai kaurin santimita 15 a saman kwano mai fitowar 30 zai riƙa haɗuwa da goshi, saboda haka a irin wannan wuri madubi shafaffe ya fi.

Mataki na bakwai: ɗaurawa da gwaji

A sayi kwanon ya iso kafin a huda bango, domin tazarar ramukan ƙusa ta bambanta daga wani kwano zuwa wani, kuma tangaran yana ɗan canza awo a wurin gashi. A ja layi da lebur a tsayin santimita 85 daga ƙasan da aka gama, a ɗora kwanon a layin a yi alamar ramukan ta cikinsa, kuma a tabbatar babu bututun ruwa ko wayar lantarki a wurin kafin a huda. A fara huda tayil a hankali ba tare da bugun injin ba, sai an shiga bulo a kunna bugun. A haɗa famfo da magudana a jikin kwanon tun yana ƙasa, domin bayan an ɗaura shi hannu ba ya samun wuri. A sa ɗan zoben roba tsakanin noti da tangaran, a riƙa ɗaure hagu da dama a jere kaɗan-kaɗan, a tsaya da zarar kwanon ya daina motsi, domin ɗaurin da ya wuce kima yana tsaga tangaran daga bakin ramin.

Kafin a sa silikon, a dafa bakin kwanon da hannu biyu a danna a ga ko wata tazara za ta buɗe tsakaninsa da tayil. Sannan a toshe magudana a cika shi da ruwa a sake gaba ɗaya, a shafa busasshiyar takarda a kowace mahaɗa ta ƙarƙashi, domin takarda tana nuna ɗigon da ido bai gani ba. Idan ruwan yana fita da ƙarar kwankwaɗa kuma daga baya wari ya taso, alama ce cewa gudun ruwan yana zuƙe wanda ya kamata ya zauna a lanƙwasar, kuma sai a duba gangarar bututun ko a sa masa bawul mai shigar da iska. Bayan komai ya tsaya daidai, a ja siririn layin silikon a saman mahaɗar kwano da bango da gefunanta, a bar shi ya bushe na tsawon lokacin da aka rubuta a jikin bututunsa, wanda yawanci awa 24 ne, kafin ruwa ya taɓa shi.